Gwanjon mako da babban saye: inda ayyuka biyu na babban banki suka rabu

Tun daga shekarar 2008 manyan bankunan da suke fitar da kuɗin Amurka, Birtaniya da Turai suka shiga sayen takardun bashi na biliyoyi barkatai, aikin da jaridu suke taƙaitawa da haruffan QE, wanda a nan za mu kira babban saye. A Maraɗi, inda ɗan kasuwa yake lissafi da sefa da naira a rana guda, mutane da yawa suna ɗaukar wannan aiki a matsayin buga sababbin kuɗi kawai. Wasu kuma, musamman waɗanda suka yi aikin banki, suna cewa ai ba sabon abu ba ne, domin BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Yammacin Afirka, shi ma kowane mako yana zuba wa bankunan yankinmu kuɗi yana karɓar takardu. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya. Ayyukan biyu suna farawa da abu guda, wato babban banki ya karɓi takarda ya ba da kuɗin da shi da kansa ya ƙirƙira, amma suna rabuwa a kan farashin da ake son motsawa, da tsawon zaman kuɗin a kasuwa, da wanda zai ɗauki asara idan al'amari ya juya.

Kafin a je ko'ina, sai an san irin kuɗin da ake magana a kai. Kowane bankin kasuwanci yana da asusu a babban banki, kuma da abin da ke cikin wannan asusun ne bankuna suke biyan junansu. Idan mai shago a Maraɗi ya tura kuɗi ga mai ba shi kaya a Yamai, kuma bankunansu daban ne, to a ƙarshe ajiyar bankin farko a BCEAO za ta ragu, ta na biyun ta ƙaru. Da wannan ajiyar ne kuma banki yake karɓo takardun kuɗin da yake miƙa wa jama'a a kanta. Doka ta tilasta wa bankunan yankin su riƙe wani kaso a can, wanda tun 2017 yake kashi 3 cikin ɗari. Bankin da ajiyarsa ta gaza yakan ranta daga wanda yake da rara, na kwana ɗaya ko na mako, kuma ruwan da ake ɗorawa a kan wannan gajeren rance shi ne farashin da babban banki yake tsarewa a aikinsa na yau da kullum.

Mu ɗauki lokacin kaka. Ƴan kasuwa suna cire tsabar kuɗi da yawa domin sayen wake, aya, riɗi da gyaɗa a kasuwannin ƙauye, inda manomi ba ya karɓar komai sai kuɗi a hannu. Duk ɗaurin jika goma-goma da ya fita daga banki ragi ne a ajiyar bankin nan a BCEAO. Da za a bar abin haka, bankuna za su yi rububin ɗan abin da ya rage, ruwan gajeren rance ya tashi, ba don tattalin arziki ya canza ba, sai don kaka ta yi. Maganin wannan shi ne gwanjon da BCEAO yake yi kowane mako. A ce wani banki yana bukatar sefa biliyan 10. Zai kawo takardun bashin baitulmali da yake riƙe da su ya ajiye a matsayin jingina, a zuba masa kuɗin a asusunsa na kwana bakwai. Idan muka ƙaddara ruwan kashi 3 cikin ɗari ne a shekara, abin da zai biya a kan makon bai kai sefa miliyan 6 ba. Ranar da wa'adi ya cika, kuɗin ya koma inda ya fito, takardun su koma hannun mai su, kuma idan har yanzu bukata tana nan sai ya sake shiga gwanjon mako mai zuwa.

Duk wanda ya san bambancin jinginar gona da sayar da ita ya fahimci rabin zancen. Mai jingina bai rabu da gonarsa ba, kuma idan darajar ƙasa ta tashi ko ta faɗi a yankin, shi abin ya shafa. Haka bankin da ya kai takarda gwanjon mako: takardar tasa ce, ribarta tasa, haɗarinta nasa. Babban banki bai shiga kasuwar takardun don ya canza farashinsu ba, ya dai cike gurbin kwana bakwai ne. Gaskiya ne cewa a wasu ƙasashe, kamar Amurka kafin 2008, babban banki yakan sayi takardun gwamnati saye na dindindin a cikin aikinsa na yau da kullum, amma kaɗan-kaɗan, daidai da yadda bukatar tsabar kuɗi take ƙaruwa kowace shekara, kuma yana kiyaye kada sayen ya girgiza farashi. Aikin yana iya tafiya ta ɗaya gefen ma. Babban bankin Najeriya ya fi yin amfani da shi wajen tsotse naira daga kasuwa, inda yake sayar da takardunsa na gajeren wa'adi ga bankuna da masu zuba jari. A duk waɗannan siffofi, babban banki farashi yake zaɓa, yawan kuɗin kuma yana bin abin da farashin ya bukata.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma iyakar ita ce sifili. Idan tattalin arziki ya durƙushe, babban banki yana rage ruwan gajeren rance don bashi ya yi sauƙi, amma ba zai iya yin nisa ƙasa da sifili ba, tunda mai kuɗi zai gwammace ya riƙe tsabarsa da ya biya don a ajiye masa. A zamanin nan Japan ce ta fara isa wannan bango, kuma daga Maris 2001 zuwa Maris 2006 babban bankinta ya koma auna aikinsa da yawan ajiyar bankuna. Amurka ta isa can ranar 16 ga Disamba 2008, wata uku bayan rushewar bankin Lehman Brothers, lokacin da aka sauke ruwan zuwa tsakanin sifili da rubu'in kashi ɗaya. Matsalar da ta rage ita ce mai son gina gida ko kafa masana'anta ba rancen kwana ɗaya yake ci ba. Bashin shekara goma ko talatin yake nema, kuma ruwan wannan bashin yana nan sama duk da na kwana ɗaya ya taɓa ƙasa. Babban saye ƙoƙari ne na kai hannu ga wannan dogon ruwan kai tsaye.

Yadda saye yake sauke ruwa lissafi ne mai sauƙi, kuma ya cancanci a bi shi a hankali. A ce gwamnati ta fitar da takardar bashi ta sefa miliyan ɗaya, wa'adinta shekara goma, tana biyan jika 60 kowace shekara. Wanda ya saye ta a kan miliyan ɗaya yana samun kashi 6 cikin ɗari. Jika 60 ɗin nan ba ta canzawa, an riga an rubuta ta, abin da yake motsi shi ne farashin takardar idan ta sauya hannu. To sai ga wani mai saye da kuɗinsa ba ya ƙarewa, ya shigo yana kwashe irin waɗannan takardu wata bayan wata, har farashi ya kai miliyan ɗaya da jika 77. Wanda ya saya a wannan farashi zai ci gaba da karɓar jika 60 a shekara, a ƙarshe kuma miliyan ɗaya kawai za a mayar masa, saboda haka ainihin ribarsa ta sauka zuwa kashi 5. Daga ranar, gwamnati za ta iya fitar da sabuwar takarda a kan kashi 5 ta samu masu saye, kuma duk bashin da ake auna shi da na gwamnati, na kamfani ko na gida, yana da dalilin sauka.

A gwada wannan da takardar wata uku. Idan ruwanta ya motsa da kashi ɗaya, farashin takardar miliyan ɗaya ba ya motsawa fiye da kimanin jika biyu da rabi, alhali ta shekara goma ta motsa da jika 77. Wannan tazara ita ce haɗarin dogon wa'adi, kuma saboda ita ne masu zuba jari suke neman ƙarin lada kafin su ɗaure kuɗinsu shekara goma. A ganina nan ne zuciyar batun take. A babban saye, babban banki yana kwashe wannan haɗarin daga hannun kasuwa yana ɗora wa kansa, yana ba su a madadinsa kuɗin da ba ya tashi ba ya faɗuwa. Asusun fansho ko kamfanin inshorar da ya sayar da takardarsa ba zai zauna da kuɗi a banza ba, domin yana da alkawuran da zai biya nan da shekaru. Sai ya nemi wata kadara mai riba: takardun kamfanoni, hannun jari, gidaje, ko takardun bashin wasu ƙasashe. Farashin waɗannan ma sai ya tashi, ruwansu ya sauka. Ban da haka, sayen yana isar da saƙo cewa babban banki ba ya shirin ɗaga ruwa nan kusa, tunda shi ne zai fara yin asara idan ya ɗaga.

Girman abin ne yake nuna cewa wani aiki ne daban. Kafin rikicin 2008, dukkan kadarorin babban bankin Amurka ba su kai dalar Amurka tiriliyan ɗaya ba. A Nuwamba 2008 ya sanar da sayen takardun da suka jiɓinci bashin gidaje na dala biliyan 600, sannan ranar 18 ga Maris 2009 ya faɗaɗa shirin ya haɗa da dogayen takardun gwamnati na dala biliyan 300. A ranar kaɗai, kafin a sayi ko ɗaya daga takardun gwamnatin, ruwan takardar shekara goma ya sauka da kusan rabin kashi ɗaya, abin da yake nuna cewa sanarwar tana yin babban kaso na aikin. Zagaye na biyu ya zo a Nuwamba 2010 da dala biliyan 600, na uku kuma ya fara a Satumba 2012 ya kai dala biliyan 85 a wata, ba tare da an yanke ranar tsayawa ba. Da aka dakata a Oktoba 2014 kadarorin sun kai kimanin tiriliyan 4.5, bayan annobar korona kuma suka kusa tiriliyan 9. Bankin Ingila ya fara a Maris 2009 da fam biliyan 75 ya ƙare a fam biliyan 895. A nan yawan kuɗin ne ake sanarwa, farashin kuma a bar kasuwa ta nemo shi, wato akasin tsarin gwanjon mako.

Akwai wani lamari da ya faru a 2019 wanda yake taimakawa wajen gane iyakar da ke tsakani. A Satumba na shekarar, bayan babban bankin Amurka ya ɗan jima yana rage kadarorinsa, ajiyar bankuna ta yi ƙaranci, har ruwan rancen kwana ɗaya mai jingina ya yi tsalle zuwa kusan kashi 10 a wasu cinikai. Daga Oktoba bankin ya shiga sayen gajerun takardun baitulmali na dala biliyan 60 a wata. Adadin babba ne, kuma saye ne na dindindin, amma shugaban bankin na lokacin, Jerome Powell, ya dage cewa wannan ba babban saye ba ne. Mutane da dama sun yi masa kallon mai wasa da kalmomi, sai dai ni ina ganin hujjarsa tana da ƙarfi. Takardun da aka saya ba su wuce shekara ɗaya ba, don haka ba a kwashe haɗarin dogon wa'adi daga hannun kowa ba, kuma manufar ita ce a mayar da ruwan kwana ɗaya inda aka tsayar da shi. Mai son ya gane wane aiki ake yi, sai ya duba wa'adin takardun da ake saye, ya duba ko akwai ranar mayarwa, sannan ya duba wane ruwa ake nufi. Yawan kuɗin shi kaɗai ba ya ba da amsa.

Yanzu ga tambayar da ta fi damun mai sauraro a nan: idan an ƙirƙiri tiriliyoyi haka, me ya hana farashin kaya tashi nan take? Amsar tana cikin inda kuɗin ya sauka. Idan babban banki ya sayi takarda daga wani banki, abin da ya ƙaru shi ne ajiyar bankin nan a babban banki, kuma wannan ajiyar tsakanin bankuna take yawo. Ba a miƙa ta ga mai sayen shinkafa. Banki yana ba da bashi ne idan ya samu mai nema da yake ganin zai biya, kuma idan jarinsa zai ɗauki nauyin, ba don ajiya ta yi masa yawa ba. Idan kuma daga asusun fansho aka saya, to kuɗin ajiyarsa a bankin kasuwanci ya ƙaru, amma shi ma kadara yake nema, ba kayan masarufi ba. Shi ya sa daga 2012 zuwa 2019 hauhawar farashi a Amurka ta fi zama ƙasa da kashi 2 da ake nema, alhali farashin hannun jari da gidaje yana hawa. Wannan ma yana da nasa illar, kuma ba ƙarama ba ce: wanda ya riga ya mallaki kadara ya ƙara arziki, matashin da yake neman gidan farko kuma ya ga farashi yana gudunsa.

Abin da ya biyo bayan 2020 ya zo da wani salo. A wannan karo babban saye ya haɗu da gwamnatocin da suke tura kuɗi kai tsaye ga iyalai da kamfanoni, a daidai lokacin da jigilar kaya ta tsaya, daga baya kuma yaƙin Yukiren ya ɗaga farashin makamashi da alkama. Hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 a Yuni 2022. Masana suna jayayya kan rabon laifi tsakanin waɗannan dalilai, amma abu ɗaya ya fito fili: babban bankin Amurka ya ci gaba da saye har Maris 2022, lokacin da farashi ya riga ya yi nisa. Gwanjon mako ana iya rage shi a mako mai zuwa ba tare da kowa ya firgita ba. Babban saye kuwa kasuwa tana sabawa da shi, kuma tsoron firgita ta yana sa a yi jinkirin tsayawa. An riga an ga misali a Mayu 2013, lokacin da Ben Bernanke, shugaban babban bankin Amurka a wancan lokaci, ya ambaci yiwuwar rage sayen kawai, ruwan dogayen takardu ya tashi, kuɗi suka gudu daga ƙasashe irin su Indiya, Turkiyya da Afirka ta Kudu.

Babban saye yana kuma canza aikin yau da kullum ɗin kansa, kuma wannan ɓangare ne da ba a cika bayyana shi ba. Gwanjon mako yana da tasiri ne saboda ajiya tana da ƙaranci, ƙari kaɗan ko ragi kaɗan yana motsa ruwa. Da zarar ajiya ta cika ta batse, babu bankin da yake bukatar rance daga ɗan'uwansa, saboda haka ƙara biliyan ɗaya ko cire shi ba ya motsa komai. Dole babban banki ya nemi wata hanyar riƙe farashi, ita ce ya riƙa biyan bankuna ruwa a kan ajiyarsu, abin da na Amurka ya fara a Oktoba 2008. Babu bankin da zai ranta wa wani a ƙasa da abin da babban banki yake ba shi, don haka wannan ruwan ya zama ma'aunin kasuwa.

A nan ne asarar take ɓoye. Mu koma ga takardarmu da aka saya miliyan ɗaya da jika 77. Muddin ruwan da ake biyan bankuna yana kusa da sifili, babban banki yana cin riba, yana karɓar kashi 5 yana biyan kusan babu. Idan hauhawar farashi ta tilasta a ɗaga ruwa zuwa kashi 7, sai lissafi ya kife. Yanzu yana biyan 7 a kan ajiyar da ya ƙirƙira, yana karɓar 5 a kan takardar da ya saya da ita. Idan kuma ya ce zai sayar ya huta, takardar da ta rage mata kusan shekara goma ba za ta wuce jika 930 a kasuwa ba, asarar kusan jika 147 ke nan a kan kowace ɗaya. Abin da ya faru ke nan a zahiri. Babban bankin Amurka, wanda shekara da shekaru yake miƙa wa baitulmali riba mai yawa, ya yi asarar kimanin dala biliyan 114 a 2023, a Birtaniya kuma baitulmali ce take cike wa Bankin Ingila gurbin asarar bisa yarjejeniyar da aka yi tun 2009. Babban banki ba ya karyewa kamar ɗan kasuwa, tunda shi yake fitar da kuɗin, amma ribar da ba ta shiga baitulmali ba mai biyan haraji ne ya rasa ta. A gwanjon mako irin wannan asara ba ta tasowa, domin takardar ba ta taɓa zama ta babban banki ba.

Duk da nisan waɗannan kasuwanni, abin yana iso mu ta hanyar yuro. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, saboda haka duk abin da ya motsa yuro ya motsa kuɗin aljihunmu. Babban bankin Turai, ƙarƙashin Mario Draghi, ya sanar da nasa babban sayen ranar 22 ga Janairu 2015, yuro biliyan 60 a wata daga Maris. Tsakanin Mayu 2014, lokacin da kasuwa ta fara hango matakin, da Maris 2015, yuro ya sauko daga kusan dala 1.39 zuwa kusan 1.05, ko da yake ƙarfin da dala ta yi bayan Amurka ta dakatar da nata sayen yana cikin dalilan. A lissafinmu, dalar Amurka ɗaya ta tashi daga kimanin sefa 470 zuwa sama da 620. Ɗan kasuwar Maraɗi da yake sayo kaya daga Sin ko Dubai da dala ya biya wannan bambanci, ba tare da BCEAO ya canza komai ba.

Hanya ta biyu ita ce ta bashi. Lokacin da masu zuba jari na Turai suka rasa riba a gida, Kwaddebuwa, Senegal da Benin sun samu masu sayen takardunsu a kasuwannin duniya a kan ruwa mai sauƙi. Da aka daina saye aka fara ɗaga ruwa a 2022, ƙofar ta kusan rufuwa ga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, har sai da Kwaddebuwa ta koma a Janairu 2024. A tsakanin, waɗannan manyan masu cin bashi sun dawo kasuwar yankin, wadda ita ce Nijar take dogaro da ita, suka yi gogayya a kan kuɗin bankuna guda, ruwa kuma ya tashi wa kowa. Bankin da yake samun riba mai kyau a takardar gwamnati ba ya gaggawar ranta wa mai ƙaramar masana'anta.

Shin BCEAO zai iya yin irin wannan babban saye? A lokacin korona bai bi wannan hanya ba. Abin da ya yi a 2020 shi ne ya faɗaɗa gwanjonsa, ya tsayar da ruwa a kashi 2.5, ya ba kowane banki duk abin da ya nema muddin yana da jingina, sannan a Yuni ya sauke ruwan zuwa kashi 2. Kuɗi mai yawa ne, amma rance ne mai wa'adi, kuma haɗarin takardun yana wuyan bankuna. A 2023 ya sayi takardun gwamnatoci daga hannun bankuna, sai dai ya yi hakan ne a shekarar da yake ɗaga ruwa, don ya sassauta cunkoson kasuwa, ba don ya kai ga bangon sifili ba. Dalilan da suka sa bai kamata ya yi nisa a wannan hanya ba suna da ƙarfi. Ruwansa bai taɓa kusantar sifili ba, saboda haka kayan aikinsa na yau da kullum ba su ƙare ba. Bankuna ne suke riƙe da mafi yawan takardun gwamnati a yankin, babu faffaɗar kasuwar takardun kamfanoni ko bashin gidaje da kuɗin zai malala zuwa cikinta. Mafi muhimmanci kuma, sefar da ta yi yawa tana ƙarewa ne wajen shigo da kaya daga waje, wanda yake cinye ajiyar kuɗin ƙetare da ɗaurin sefa da yuro ya dogara a kai. Amurka tana biyan bashinta da kuɗin da take fitarwa, duniya kuma tana neman kuɗin, mu kuwa shinkafa da magani da kayan gyara da kuɗin wasu muke saye.

Akwai abu na uku da ake yawan haɗawa da waɗannan biyu, kuma maƙwabtanmu na kudu sun ga sakamakonsa. A babban saye, babban banki yana saye ne daga kasuwa, a farashin kasuwa, bisa shawarar kansa, da manufar kai hauhawar farashi ga mizanin da aka tsayar, kuma yana iya tsayawa ko gwamnati ba ta so. A Najeriya, abin da ya faru shekaru kafin 2023 shi ne babban banki yana buɗe wa gwamnatin tarayya asusun rance kai tsaye don cike giɓin kasafi. Doka ta iyakance wannan rance ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma ya taru har ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda majalisa ta amince a Mayu 2023 a mayar da shi dogon bashi. Irin wannan kuɗi ba ya tsayawa a ajiyar bankuna, domin gwamnati tana kashe shi a albashi da kwangila, ya shiga kasuwa a lokacin da farashi ya riga yana hawa. Faɗuwar naira tana da dalilai da dama, ciki har da sakin farashin canji a Yuni 2023, amma wannan rancen yana cikinsu, kuma duk mai kai dabbobi ko wake Jibiya da Katsina ya ga yadda nairar da ya karɓo take raguwa idan ya zo mayar da ita sefa. Dokar BCEAO ta hana shi ba gwamnatocin ƙasashe takwas na yankin rance kai tsaye, saboda haka baitulmalin Nijar dole ta je kasuwa ta sayar da takardunta ga bankuna a kan ruwan da suka yarda da shi, su kuma su kai takardun nan jingina a gwanjon mako.